Sharhi: Ribar kashi 20 da ta koma asara

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan wani lissafi ne da ma'aikacin banki ba ya cika yi wa mai ajiya, wato abin da ke saura na riba bayan hauhawar farashi ta ɗebi nata.

Mu ɗauki shekarar 2024 a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wato kayan da aka saya naira miliyan 1 a Disambar 2023, bayan shekara guda sai an biya naira miliyan 1 da dubu 348 kafin a ɗauke su.

To, a ce wani malamin makaranta ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya kai miliyan 1 banki ajiyar shekara guda, aka yi masa alkawarin kashi 20. A kunne, wannan riba ce mai tsoka, naira dubu 200. Amma kafin ta shigo hannunsa za a cire harajin kashi 10 daga ribar, dubu 20 ke nan, saura dubu 180. Ranar da wa'adi ya cika, saƙon da zai shigo wayarsa zai nuna miliyan 1 da dubu 180. Banki bai cuce shi ko kwabo ba, sai dai kayan da uwar kuɗinsa kaɗai ke saye a bara, yanzu ko ya haɗa da ribar sai ya ciko dubu 168.

Abin da masana tattalin arziki ke kira kuɗin ruwa na haƙiƙa ke nan, saɓanin wanda aka rubuta a takarda. Hanyar gaggawa ita ce a cire hauhawar farashi daga ribar: kashi 18 da ya rage bayan haraji a cire 34.8, ya zama asarar kusan kashi 17. Wannan hanya tana aiki idan alƙaluman ƙanana ne, amma idan suka yi girma irin namu tana zuzuta asarar. Lissafin daidai rabawa ake yi. A raba miliyan 1 da dubu 180 da 1.348, za a samu kusan dubu 875. Ƙarfin kuɗin malam ke nan a farashin bara. Ya yi asarar kashi 12 da rabi, alhali yana murnar ya ci riba.

Wani zai ce shi wannan bai shafe shi ba, tunda ba ya cin kuɗin ruwa. Ya shafe shi ƙwarai. Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a Oktoban 2023 kuɗin hayarsa kashi 15.75 ne a shekara, a watan da hauhawar farashi ta haura kashi 27. Halaccin ciniki bai hana tsada cin kuɗin ba. Haka mai adashi da ya kwashi nasa a ƙarshen zagaye, haka ɗan kasuwar da ya sayar da kaya da riba ya koma sari ya tarar kuɗin ba su sayen abin da ya sayar. Wanda ya fi kowa jin jiki shi ne mai ɓoye kuɗi a gida, domin shi babu ko sisin da ke rage masa zafi.

Akwai wurin da lissafin ke da santsi. Alƙaluman da hukuma ke fitarwa na watanni 12 da suka wuce ne, shi kuwa mai ajiya da farashin watannin da ke tafe zai yi karo. Idan tsada ta lafa, kashi 20 ɗin nan na iya zama riba ta gaske, kuma shi ya sa sukuk mai wa'adin shekara 10 ba a yanke masa hukunci da shekara ɗaya. Sannan adadin hukuma matsakaici ne. A wannan Disambar hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 40, don haka magidancin da yawancin kuɗinsa ke tafiya a cefane asararsa ta fi wadda muka lissafa. A farkon 2025 hukumar ta sabunta ma'auninta, adadin watan Janairu ya sauko zuwa kashi 24.48, ba don kaya sun yi araha a kasuwa cikin wata guda ba.

Saboda haka kafin a sa hannu, a tambayi nawa ribar take bayan haraji, a kuma rubuta farashin kayan da gida ya fi saye a ranar da aka kai kuɗin, domin a samu abin gwadawa ranar karɓa. A nan za mu dakata, sai a kasance da mu a sauran shirye-shiryenmu.