Gonar ba ta ƙaru ba, taswirar ce ta miƙe: yadda ake zaɓen tsarin awo don fitar da girman gona daga GPS

Ku dubi waɗannan lambobi biyu da ke kan allo. Na hagu ya ce hekta 1.81, na dama ya ce hekta 1.90. Gona ɗaya ce, kusurwoyi huɗu ne, kuma mutum ɗaya ne ya zagaya ta da GPS a rana ɗaya. Babu wanda ya matsar da iyaka. Abin da ya bambanta su kawai shi ne tsarin da aka shimfiɗa taswirar a kai kafin a ce wa kwamfuta ta yi lissafi. Bari mu bi wannan gona daga farko, mu ga inda ƙarin ya shigo.

Abin da GPS yake ba ku ba mita ba ne, digiri ne. Lamba ɗaya, wato latitud, tana faɗin nisan wuri arewa ko kudu da tsakiyar duniya, layin nan da ya raba ta gida biyu. Ɗayar tana faɗin gabas ko yamma, wato longitud. Sunan tsarin WGS 84, kuma a manhajar taswira za ku gan shi da lambar EPSG:4326. Gonar da muka ɗauka don misali tana tsakanin latitud 12.0000 da 12.0010 arewa, longitud 8.5000 da 8.5015 gabas. Idan kuka nemi girmanta a wannan tsari kai tsaye, amsar da za ta fito ita ce 0.0000015. Wannan murabba'in digiri ne, kuma babu wata lamba guda da za ku ninka shi da ita a ko'ina a duniya ku sami hekta.

Dalilin shi ne digiri ba shi da tsawo ɗaya. Idan kuka nufi arewa, digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, duk inda kuke. Amma idan kuka nufi gabas, labari ya sha bamban, domin layukan longitud suna tsukewa ne yayin da suke hawa, har su haɗe a ƙurewar duniya. A tsakiyar duniya digiri ɗaya ya ɗan haura kilomita 111, a latitud 12 ya koma kusan 109, a latitud 60 kuwa bai kai 56 ba. Idan muka yi wa gonarmu wannan lissafi, daga kudu zuwa arewa mita 110.6 ce, daga yamma zuwa gabas mita 163.4. Girmanta na gaskiya kusan murabba'in mita 18,070 ke nan, wato hekta 1.81. Ku riƙe wannan lamba, da ita za mu gwada sauran.

To, dole a mayar da digiri zuwa mita, kuma yin haka yana nufin kwantar da duniya mai zagaye a kan shimfiɗa. Ku yanka ƙwallon roba gida biyu, ku yi ƙoƙarin danne rabin a kan tebur har ya kwanta. Ba zai yarda ba sai wani wuri ya miƙe ko wani ya tattare. Kowane tsarin shimfiɗa taswira haka yake, ko dai ya taɓa siffa, ko nisa, ko girma. Aikinmu shi ne mu zaɓi wanda miƙewarsa ba ta kai ta dame mu ba a daidai inda gonar take.

Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Sun ji an ce a nemi tsarin da ke awo da mita, sai su duba su ga EPSG:3857. Shi ne Web Mercator, wanda galibin taswirorin intanet da hotunan tauraron ɗan'adam na bayan fage suke zuwa da shi. Mita yake nunawa kuwa, shi ya sa ake saki jiki da shi. Sai dai mitarsa ba ta ƙasa ba ce. Yana jan komai yana faɗaɗawa gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya, ta tsawo da ta faɗi gaba ɗaya, don haka girma yana kumbura ta fuska biyu. A wannan tsari gonarmu ta zama mita 167 a faɗi, kusan 114 a tsawo, jimla murabba'in mita 19,000. Ga hekta 1.90 ɗin da muka gani da farko. An yi mata ƙarin sama da murabba'in mita 900, kusan kashi 5 cikin ɗari.

Ni a ganina wannan kuskure ya fi haɗari a kusa da tsakiyar duniya, ba don ya fi girma ba, sai don ba ya nuna kansa. A latitud 45 Web Mercator ninka girman gona yake yi sau biyu, a latitud 60 kusan sau huɗu, kowa zai gane da sake. Amma kashi 5? Lambar za ta wuce salin-alin ta shiga rahoto. Daga nan duk abin da aka lissafa a kan hekta ya karkace: irin shuka da taki a ware fiye da buƙata, amfanin da aka girbe kuma a raba shi da filin da babu shi, sai a ga kamar gonar ba ta yi albarka ba.

Abin da ya dace da gona ɗaya, ko gonakin yanki ɗaya, shi ne UTM. Dabararsa mai sauƙi ce: tunda ba za a iya kwantar da duniya gaba ɗaya ba tare da ɓarna ba, sai aka tsaga ta shiyya 60, kowace faɗinta digiri 6 na longitud, aka shimfiɗa kowace ita kaɗai. Don gano shiyyarku, ku tara 180 a kan longitud ɗin, ku raba da 6, ku watsar da abin da ke bayan ɗigo, ku ƙara ɗaya. Idan kuna yamma da longitud 0, longitud ɗin da alamar ɗebewa yake shiga. Tamu 8.5 ce: a tara 180 ya zama 188.5, a raba da 6 ya ba da 31 da 'yan kai, a ƙara ɗaya, shiyya ta 32. Lambar EPSG kuma daga nan take fitowa. Arewa da tsakiyar duniya ana farawa da 326, kudu da 327, sai a liƙa lambar shiyya, da sifili a gabanta idan ba ta kai 10 ba. Tamu EPSG:32632.

UTM ma yana da tasa miƙewar, amma an san iyakarta. A layin tsakiyar shiyya da gangan aka rage ma'auni zuwa 0.9996, wato kowace hekta tana rasa kusan murabba'in mita 8. Idan aka yi nisan kusan kilomita 180 gabas ko yamma da layin, ma'aunin ya daidaita, a bakin shiyya kuma ƙarin ba ya wuce kusan murabba'in mita 20 a hekta. Gonarmu tana kusa da layin tsakiya, wanda yake kan longitud 9, don haka ta fito kusan 18,057. Bambancinta da gaskiya murabba'in mita 13 ne kacal. Da mun yi kuskure mun sa ta a shiyya ta 31, da ta fito wajen 18,220. Ba a rasa komai da komai ba, amma me zai sa a ɗauki kuskuren da lissafin minti ɗaya yake kawarwa?

Yanzu mu koma kan allo, a manhajar taswira ta QGIS. Wajen shigo da teburin wuraren da `Add Delimited Text Layer`, longitud ne yake shiga `X field`, latitud a `Y field`. Bakinmu ya saba faɗin latitud da farko, shi ya sa ake yawan juya su. A `Geometry CRS` ku zaɓi EPSG:4326, domin tambayar da ake muku ita ce a wane tsari lambobin suke yanzu, ba inda kuke son kai su ba. Ku haɗa wuraren da `Points to path`, sannan `Lines to polygons`, kuna bin jerin da aka zagaya gonar. Idan kuka ga layuka sun gitta juna a tsakiya, jerin ya rikice, kuma girman da zai fito ba abin dogaro ba ne.

Sai mataki mafi muhimmanci: `Reproject layer`, ku zaɓi EPSG:32632. Ku kula, akwai wani mai kama da shi, `Assign projection`, haka ma `Set Layer CRS`. Waɗannan ba sa taɓa lambobin, laƙabi kawai suke canzawa. Idan kuka yi amfani da su, kun gaya wa manhajar cewa 8.5 da 12 mita ne, sai gonar ta ɓace daga inda take ta faɗa can tsakiyar teku, ta zama ɗigon da ido ba ya gani. Canza tsarin da ke ƙasan allo ta dama shi ma kallo kawai yake gyarawa, bayanan suna nan yadda suke.

Hanyar tabbatarwa ita ce ku duba lambobin kusurwa ɗaya a sabon fayil ɗin. Ta gabas za ta kasance mai lambobi shida, tamu wajen 445,000, domin layin tsakiyar kowace shiyya 500,000 ake ba shi, mu kuma muna ɗan yamma da shi. Ta arewa wajen 1,326,000. Idan har yanzu 8 da 12 kuke gani, ba a juya komai ba. Idan komai ya yi daidai, ku buɗe `Field Calculator` ku rubuta:

```
area($geometry) / 10000
```

Wannan zai ba ku hekta bisa tsarin fayil ɗin. Ku ƙara wani gurbi da `$area / 10000`, wanda yake lissafi a kan siffar duniya idan an saita `Ellipsoid` zuwa WGS 84 a `Project Properties` kuma awon girma yana kan murabba'in mita. Amsoshin biyu su yi kusa ƙwarai. Idan suka rabu da kashi da yawa cikin ɗari, ku koma ku duba tsarin.

Idan gonakin sun bazu a shiyyoyi da dama, ko dai a auna kowace a shiyyarta, ko a yi amfani da tsarin da ke kiyaye girma irin su EPSG:6933, wanda zai karkatar da siffar gona a ido amma girman ya tsaya daidai. Gonar da ta hau kan iyakar shiyya biyu kuma ba sai an tsaga ta ba, a sa ta duka a ɗaya.

Saura GPS ɗin kansa, wanda babu tsarin da zai gyara masa kuskure. Wayar hannu a fili tana iya kaucewa da 'yan mitoci, a ƙarƙashin itatuwa abin ya fi haka. Kewayen gonarmu mita 548 ne, don haka idan mai awo ya bi ta wajen iyaka da tazarar mita ɗaya kacal, ya ƙara kusan murabba'in mita 550, kashi 3 cikin ɗari, kuma a ƙaramar gona kason ya fi haka yawa. Saboda haka a tsaya a kan kusurwa sosai, a jira lambar ta natsu kafin a adana, sannan a rahoto a rubuta hekta 1.8 ko 1.81 tare da EPSG:32632 a gefe, ba 1.8057 ba.