Abokin aikina ya ga alat ni ban gani ba: lacca kan asusun albashi da aka yi a Zariya

Wannan laccar an yi ta ne a wani taron ma'aikata a Tudun Wada, mai jawabin tsohon ma'aikacin banki ne, na kwafo ta daga rikodin ɗin waya, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, tambayar da na fi sha a kanta lokacin ina aiki ita ce, Malam ofishinmu ɗaya da wane, shi ya ga alat tun azahar ni har isha'i shiru, ko bankinku ne ya riƙe min kuɗi? To bari mu bi kuɗin nan tun daga inda suke tasowa.

Albashi ba a tura shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kake tura wa mai shayi kuɗi. Akanta zai haɗa jadawali guda, sunan kowa, bankinsa, lambar asusunsa mai lamba 10 wato NUBAN, da abin da ya rage masa bayan an cire haraji da fansho. Fanshon nan a dokar 2014 kashi 8 ake cira a naka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10. Ma'aikatan tarayya da yawa tsarin biyan albashi na gwamnati wato IPPIS ke lissafa nasu, wasu wuraren kuma ta Remita ake turawa. Sai masu sa hannu su amince, a ciri kuɗin gaba ɗaya daga asusun ma'aikata a watsa.

A nan ne ake rabuwa. In bankinka shi ne bankin ma'aikatarku, kuɗin daga wannan aljihu zuwa wancan ne kawai, nan take sun shiga. In wani banki ne daban sai sun bi ta NIBSS, cibiyar da ke tura kuɗi tsakanin bankuna, kuma wani lokacin rukuni-rukuni ake turawa, to ka ga wanda aka sa wa hannu da yammacin Juma'a zai iya kwana har Litinin. Kuma don Allah ku daina dogara da alat, saƙon tes yana makalewa, ka duba balas a manhaja ko ka danna lambar bankinka tukuna kafin ka hau Keke daga Samaru zuwa PZ kana huci.

In kwana biyu sun wuce kowa ya samu ban da kai, galibi kuɗin komawa suka yi. Ko sunan da ke jadawali bai yi daidai da na BVN ba, wani a ofis Muhammad Sani, a banki Sani Mamman, ko kuma asusun ƙarami ne irin na matakin farko da ake buɗewa a waya, wanda ba ya karɓar sama da dubu 50 a shiga ɗaya. Ka je wajen akanta ya duba maka rahoton biyan, nan ake ganin wanda bai shiga ba da dalili.

Yanzu garaɓasar da bankuna ke kwaɗaita muku kan asusun albashi. Buɗewa ba ko sisi, babu dole sai ka bar wani abu a ciki, ga bashin kafin albashi ba jingina. Ba don suna ƙaunarka ba ne fa, (dariya) don kuɗinka ta hannunsu yake bi kafin ya zo naka, albashin shi ne jinginar.

Mu ɗauki misali. A ce kana karɓar dubu 150, ranar 12 ga wata ka ci bashin dubu 60 saboda kuɗin makaranta, a ce ruwa da caji sun kama dubu 4. Ranar albashi kafin ka farka injin ya zare 64, saura 86. Wannan 86 ɗin ba za ta kai ka ƙarshen wata ba, sai ka sake ci, a haka na ga mutum ya shekara yana biyan caji kan kuɗinsa na kansa. In kuma albashi ya makara tara tana hawa, banki ba ruwansa da cewa gwamnati ce ba ta biya ba. Masu gudun riba akwai irin su Jaiz da TAJ, su kaya suke saya su sayar maka da ƙari ka biya a hankali, amma cirewar nan ta ranar albashi tana nan.

Wani bawan Allah daga baya ya tambaya, ranka ya daɗe in na sauya banki fa?

Alhaji, in babban bashi ne ka riga ka sa hannu cewa albashinka nan zai ci gaba da shigowa, kuma ofis ɗinku yawanci sai ka kawo takardar shaidar ba a bin ka bashi kafin su sauya maka. Ko ka zille ma, tun 2020 CBN ya kawo GSI, da BVN ɗinka za a bi sauran asusunka a ɗebe abin da ake bin ka. In ba ka da bashi kuwa ka kai sabuwar lamba tun farkon wata kafin a rufe jadawali, kuma kar ka rufe tsohon asusun sai ka ga albashi ɗaya ya sauka a sabon.

Daga nan aka kira la'asar, rikodin ɗin ya tsaya.