Kalmomin teburin karɓar baƙi: farashin allo, baƙon ba-zata da jinkirin fita

Barkanku da warhaka, sabbin ma'aikatan otal. A otal-otal na Yamai da Faransanci ake yawan magana da baƙi, amma allon kwamfutar teburin karɓar baƙi sau da yawa kalmomin Ingilishi yake nunawa. Za mu ɗauki guda uku, mu bi su cikin aikin yini guda, domin ukun a ɗaure suke da juna. Abin da ya ɗaure su shi ne ɗakin otal ba ya ajiyuwa. In ya kwana babu kowa, kuɗin wannan daren sun tafi ke nan. In kuma kun sayar wa mutum biyu ɗaki guda, rigima ce a gabanku.

Ta farko ita ce wadda allo ke rubutawa Rack rate. Wannan shi ne cikakken farashin ɗaki, wanda aka liƙa a bangon teburi ko a bayan ƙofar ɗaki, ba ragi ko dala. Mu kira shi farashin allo. Daga shi ake sauko da duk sauran farashi. A misalinmu, a ce farashin allo jika 60 ne a dare. Wata ƙungiya mai kawo ma'aikatanta kowane wata ta yi yarjejeniya da otal a kan jika 45. Wannan shi ne Corporate rate, kuma na masu yarjejeniya ne kaɗai. Baƙo ya ce muku shi ma'aikacin ƙungiyar ne, wannan bai isa ba. Ku nemi takardar odar da ofishinsu ya aiko, ko ku duba sunansa cikin saƙon da suka turo. In babu, ku sa farashin allo, ku gaya masa cikin ladabi za a gyara da zarar takarda ta iso. Rage farashi daga baya abu ne mai sauƙi, amma ƙara shi bayan baƙo ya sa hannu kusan ba ya yiwuwa.

Kafin ku furta kowane farashi, ku san abu biyu: ko haraji na ciki, da kuma ko karin kumallo na ciki. In kun ga TTC kusa da lambar, haraji ya shiga. In HT ne, bai shiga ba. Yawancin gardamar ranar biya daga nan take tasowa, baƙo ya ji jika 60 da kunnensa, ya ga abin da ya fi haka a takarda.

Ta biyu ita ce Walk-in, wato baƙon da ya shigo da jakarsa ba tare da ya kama ɗaki tun da wuri ba. A Yamai za ku fi ganinsu da yamma zuwa dare, lokacin da motocin Damagaram, Maradi da Tawa ke isowa. Kuskuren sabon ma'aikaci shi ne ya leƙa makullan da ke gabansa, ya ga da yawa, ya ce akwai ɗaki. Makulli a teburi ba ya nufin ɗakin na sayarwa ne. Lissafi ake yi.

Otal ɗinmu na misali yana da ɗaki 40. Biyu an rufe su, ɗaya na'urar sanyi ta lalace, ɗaya famfo na yoyo, allo zai nuna musu OOO. Saura 38. Baƙi 24 za su ƙara kwana. Saura 14. Akwai mutum 11 da suka kama ɗaki ba su iso ba tukuna. Ɗaki 3 ke nan kawai kuke da ikon sayarwa, ko da makulli 14 ne a gabanku. Cikin ukun nan ma, wanda allo ya nuna VC kaɗai za ku bayar, ma'ana babu kowa ciki kuma an gyara. VD na nufin babu kowa amma ba a share ba. Kada ku tura mutumin da ya wuni cikin mota ya tarar da zanen gadon wani.

In akwai ɗaki, ku fara da farashin allo. Ragi na hannun manaja ne, ko gwargwadon iyakar da ya ba ku. Da ƙarfe 10 na dare, otal rabinsa fanko, ragin jika 10 ya fi barin ɗaki ya kwana haka nan. Ranar da babban taro ya cika gari kuwa, ba dalilin ragi. Sai ku karɓi katin shaida ko fasfo, baƙo ya cika takardar rajista ya sa hannu, ku karɓi kuɗin daren farko nan take. Wannan na ƙarshe ba raini ba ne. Wanda ya kama ɗaki tun da wuri ya bar lamba, ko kati, ko sunan ofishi. Baƙon ba-zata bai bar komai ba, in ya fice da asuba babu inda za ku bi shi.

Ta uku, Late check-out, jinkirin fita. A yawancin otal ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki, sabon baƙo kuma ya shiga ƙarfe 2 ko 3. Awannin da ke tsakani na masu gyaran ɗaki ne, domin ɗakin da aka bari yana cin minti 30 zuwa 45: canza zanen gado, wanke banɗaki, dubawa. A Yamai roƙon jinkiri ya yi yawa, saboda jirage da dama daga filin Diori Hamani da dare suke tashi, ga zafin rana, ba wanda ke son zaman jira a waje.

A ce Alhaji na ɗaki 12 ya kira ƙarfe 10 na safe, yana son ya kai ƙarfe 6 na yamma. Kada ku amsa nan take. Ku ce: "Ranka ya daɗe, bari in duba, yanzu zan kira ka." Ku duba ko an riga an ba wani ɗaki 12 na daren nan, da lokacin isowarsa. In ana iya mayar da mai zuwan wani ɗaki irinsa, to hanya ta buɗe. Sai batun kuɗi. Kowane otal da ƙa'idarsa, amma wadda aka fi bi ita ce awa ɗaya ko biyu kyauta, har ƙarfe 6 rabin farashi, bayan nan cikakken dare. Rabin kuma na farashin da baƙon yake biya ne, sai in ƙa'idar gidanku ta ce na allo. Alhaji na kan jika 60, zai ƙara jika 30. Ku faɗa masa adadin kafin ya amince, ba lokacin biya ba.

Da ya yarda, ku rubuta sabon lokacin a kwamfuta, ku sanar da shugabar masu gyaran ɗaki don kada a ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar rana, ku sabunta katin ƙofarsa, domin katin an saita shi ya daina buɗewa a tsohon lokaci. Ku tambaye ta kuma ko akwai mai aikin yamma. In masu gyara sun tashi ƙarfe 4, ɗakin da aka bari ƙarfe 6 zai kwana VD, ɗakuna ukun nan naku na sayarwa sun koma biyu. A irin wannan dare, jika 30 na jinkiri na iya hana ku jika 60 na baƙon ba-zata.

In bai yiwu ba, kada ku tsaya ga "a'a". Ku karɓi kayansa ku ajiye, ku ɗaura wa kowace jaka lamba ku ba shi rabin takardar, ku nuna masa wurin zama mai sanyi da wurin salla, ku tsayar masa da lokacin motar filin jirgi.