Sharhi: Tarin fuka da tarkon wata na biyu

Masu saurare a Damagaram da kewaye, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan tarin fuka ne, musamman lokacin da mai jinya ya fara jin sauƙi, domin a nan ake yawan yin asara.

Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, kuma wata 6 ake shan sa. A wata 2 na farko magani 4 ne aka haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifamfisin, izoniyazid, firazinamid da etambutol. Sauran wata 4, biyu na farkon kawai ake ci gaba da su. Yawan ƙwayar da mutum zai haɗiya kullum da safe kafin karin kumallo ya danganta da nauyinsa, don haka ake ɗora shi a kan sikeli.

Mu ɗauki misalin magidanci mai kilo 50 daga wani ƙauyen Matamai. An gwada kakinsa, an ga cutar, an sa masa ƙwaya 3 kullum. Kafin wata 2 zazzaɓin yamma ya tafi, gumin dare ya tsaya, tuwo ya fara shiga. Ga rani ya yi, abokansa sun tafi ci-rani Kano. Sai ya ƙulla ragowar maganin a leda ya bi su. Don kada ya ƙare da wuri, yau ya sha ɗaya, gobe ya tsallake, in tari ya motsa ya sha biyu.

To, me ke faruwa a huhunsa? A ramin da cutar ta ci, ƙwayoyinta kan kai miliyan 100 ko fiye. A cikin wannan taro, tun kafin a fara magani, akan sami kamar ɗaya cikin miliyan da izoniyazid ba ya kashe ta, da ɗaya cikin miliyan 100 da ta fi ƙarfin rifamfisin. Samun wadda ta gagari duka biyun a lokaci guda abu ne mai wuyar gaske. Hikimar haɗa magungunan ke nan: wadda ta tsallake wannan, wancan ya kama ta. Amma in ana shan maganin rabi-rabi, ƙarfinsa a jini ba ya kai yadda ake so. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Kamar manomin da ya yi noman farko ya bar maimai ne, ciyawar da ta tsira ita ke cinye gonar. Bayan 'yan watanni tarin ya dawo, kuma ya daina jin maganin da aka fara ba shi. Abin da ya fi ciwo, duk wanda ya ɗauka daga gare shi, tarin mai gagarar magani zai ɗauka kai tsaye, ko da bai taɓa shan ƙwaya ɗaya ba.

Irin wannan tarin ma yana warkewa. Nijar na cikin ƙasashen farko a Afirka da suka yi amfani da gajeren tsari na wata 9 wajen maganinsa. Sai dai magungunan sun fi yawa, sun fi wahalar da jiki, kuma ba kowace likita ke ba da su ba.

Saboda haka ake cewa a haɗiye magani a gaban shaida, ma'aikacin lafiya ko wani amintacce da aka zaɓa, a sa alama a kati kowace rana. Wasu na ɗaukar haka a matsayin raini, wai dattijo da gemunsa a tsaya a kansa. A ganina amfanin katin shi ne gurbin da ba a cike ba: in kwana biyu suka wuce babu alama, a tashi a nemi mutumin tun bai yi nisa ba. Wanda tafiya ta kama shi kuwa, ya faɗa tun da wuri a ba shi takardar da zai ci gaba da karɓa inda za shi. Jin sauƙi ba ya nuna warkewa. Gwajin kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6 ne ke nunawa.

Fitsari ya yi ja, aikin rifamfisin ne, kada a tsorata. Amma ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, a koma likita a ranar.

Saura mutanen gidansa. Matar da suke ɗaki ɗaya, 'ya'yansa, abokan kwanansa a masaukin ci-rani, duk a bincika su. Wanda ya yi mako 2 yana tari ya kai kakinsa. Inda akwai na'urar gwaji ta zamani, cikin kamar awa 2 takan nuna cutar, ta kuma nuna ko ta gagari rifamfisin. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da ke gidan, ko ba sa tari a kai su, domin akwai maganin kariya da ake ba su bayan an tabbatar ba su kamu ba.