Lacca: Sa ido kan turken USDC da darasin watan Maris na 2023

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da 'yan kasuwa da kuka hallara, ina yi muku barka da zuwa. Maganarmu ta yau a kan kuɗin kirifto ne irin wanda aka ɗaure wa dala, kamar USDC da USDT, waɗanda aka yi alkawarin kowane ɗaya zai tsaya a dala ɗaya. Wannan dala ɗayar ita zan riƙa kira turke, tambayar kuma ita ce yadda mutum zai gane igiya ta fara saki tun kuɗinsa bai shiga ba.

Ranar Juma'a 10 ga Maris, 2023, hukumomin Amurka suka rufe Silicon Valley Bank. Cikin daren nan kamfanin Circle, mai fitar da USDC, ya bayyana cewa dala biliyan 3.3 daga cikin ajiyarsa ta kusan biliyan 40 tana wannan banki. Kamfanin Coinbase, mai kasuwar cinikin kirifto, ya dakatar da canza USDC zuwa dala har bankuna su buɗe ranar Litinin, kuma kafin Asabar ta yi nisa farashin ya gangara zuwa wajen 0.87. Wanda ya karɓi USDC 10,000 a matsayin dala 10,000 a safiyar nan, abin da ke hannunsa a kasuwa bai wuce dala 8,700 ba. DAI, wani kuɗin kirifton da shi ma aka ɗaure wa dala, ya bi shi ƙasa, saboda kaso mai yawa na jinginarsa USDC ne. Sai da gwamnatin Amurka ta sanar ranar Lahadi cewa za a biya duk masu ajiya a bankin, sannan farashin ya komo turkensa.

Abin da nake so ku fi riƙewa shi ne farashi yakan makara wajen kawo labari. A Curve, dandalin musayar kuɗin kirifto, akwai rumbun da ake kira 3pool, mai ɗauke da DAI da USDC da USDT, kuma an tsara lissafinsa ne ta yadda farashi zai manne kusa da dala ɗaya ko da rumbun ya karkata sosai. Ke nan mutane suna iya ta zuba USDC suna kwashe USDT, kason ɗaya ya tashi daga sulusi ya doshi rabi, alhali allo yana nuna 0.999. Sai USDT ya kusa ƙarewa farashin yake faɗuwa gaba ɗaya. Saboda haka ni kason kowane kuɗi a rumbun nake fara dubawa, kuma da zarar ɗaya ya haura kashi 50 cikin ɗari yana ci gaba da hawa, na ɗauke shi gargaɗi.

Sai kuma ma'aunin da ake gwaji da shi. Da yawa suna auna USDC da USDT ne kawai, to amma a ƙarshen makon nan USDT ya haura dala ɗaya saboda kowa can ya gudu, don haka wannan awo ba ya faɗa maka wanne ne ya motsa. Masu cinikin P2P a nan gida sun fi shiga wannan duhu, domin a naira suke kallon farashi, kuma hawa da saukar naira kaɗai sun isa su ɓoye gibin kashi ɗaya ko biyu. A nemi farashi da dalar gaske daga kasuwanni aƙalla uku, a ɗauki na tsakiya.

Mai karanta farashi daga Chainlink, tsarin da ke kai wa manhajoji farashin kasuwa, kuma ya kula da wannan kira:

```
(, int256 answer, , uint256 updatedAt, ) = feed.latestRoundData();
```

Farashin yana cikin `answer`, amma `updatedAt` shi ne lokacin da aka sabunta shi. Ba kowace daƙiƙa ake sabuntawa ba, sai farashi ya kauce da wani kaso da aka ƙayyade ko wani wa'adi ya cika. Idan `updatedAt` ya wuce wa'adin, a ɗauka ba a san farashi ba, a dakata.

Matakan ƙararrawa, a nawa ganin, biyu sun isa. Idan farashi ya zauna ƙasa da 0.995 na minti biyar, a aika saƙo ga mai kula. Sharaɗin mintunan yana hana ciniki ɗaya babba a ƙaramar kasuwa ya riƙa tayar da mutum a banza har ya daina kula da ƙararrawar. Idan ya sauka ƙasa da 0.99, ko kamfani ya rufe ƙofar fansar kuɗin da dala, manhaja ta daina karɓar wannan kuɗi da kanta ba tare da jiran kowa ba, domin sanarwar Circle ta fito ne muna barci a nan.

Daina karɓa daban, sayar da na hannu daban. Wanda ya sayar a 0.87 ya tabbatar da asarar da ta goge cikin kwana biyu zuwa uku, wanda kuwa ya riƙe UST na Terra, wani kuɗin da aka ɗaure wa dala, a watan Mayun 2022 yana jiran ya dawo kusan bai sami komai ba, saboda babu dalar gaske a banki da ke tsaye masa. Wannan hukunci na mutum ne, bayan ya duba abin da ke cikin ajiyar.