Yaron da ƙwai ba ya karɓarsa: feshin hanci ko allurar rigakafin mura?

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Idan hunturu ya kama a Kaduna, ko aka fara shirin aikin Hajji da Umara, maganar rigakafin mura takan taso. Ba murar kwana biyu nake nufi ba, ina nufin infuluwenza, wadda ke zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, ta kwantar da mutum har mako guda. Rigakafinta iri biyu ne, akwai na allura, akwai kuma wanda ake fesawa a hanci. Iyaye da yawa suna tambaya: yarona in ya ci ƙwai jikinsa yana yin borin jini, wanne za a ba shi?

To me ya haɗa ƙwai da rigakafi tun farko? Yawancin rigakafin mura a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar cutar, ta hayayyafa, sannan a kwashe ta a tace. Duk tacewar da aka yi, ɗan burbushin sinadarin farin ƙwai yakan rage. Amma burbushin bai kai ya kawo ba, bai cika maikurogiram ɗaya a abin da ake ba mutum sau ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. A da likitoci suna ɗari-ɗari da shi, sai da aka gwada. A Birtaniya an fesa wa yara 779 masu wannan matsala rigakafin hanci, aka fitar da sakamakon a 2015. Ba ko ɗaya da jikinsa ya rikice gaba ɗaya, 'yan kaɗan ne suka sami ƙaiƙayi ko ƙuraje masu sauƙi. A 2023 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce duk wanda ya kai wata shida, komai tsananin rashin jituwarsa da ƙwai, ana iya ba shi kowane rigakafin mura da ya dace da shekarunsa da lafiyarsa.

Wato dai a yau ba kasafai ƙwai ke raba gardama ba. Shekaru, da ƙirji, da ƙarfin garkuwar jiki, su ake dubawa. Dalili kuwa, na allura ba ƙwayar cuta mai rai a cikinsa, shi ya sa ake yin sa tun daga wata shida, har mai juna biyu da tsofaffi. Na feshi kuma ƙwayar tana da rai, raunana ta kawai aka yi, ta yadda za ta iya zama a sanyin cikin hanci amma ba za ta jure ɗumin huhu ba. Ana fesa rabi a kowace kafar hanci, shi ke nan. A Amurka sunansa FluMist, ana ba da shi daga shekara 2 zuwa 49. A Birtaniya Fluenz ake ce masa, yara 'yan shekara 2 zuwa 17 ake ba wa.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wata yarinya a Unguwar Rimi, shekararta shida. Ranar da aka fara ba ta soyayyen ƙwai, kafin minti ashirin leɓenta ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu yana ƙaiƙayi. An ba ta maganin ƙaiƙayi, zuwa dare komai ya lafa. Wannan yarinya, feshi ko allura, duk wanda aka samu ya halatta gare ta. Abin da ma'aikaciyar jinya za ta tambayi mahaifiyarta shi ne: Hajiya, tana da asma? Ƙirjinta ya yi shaƙewa ko fito a 'yan kwanakin nan? Idan ta ce ai jiya ma da ƙurar nan sai da muka yi ta shaƙa mata magani, to feshi ya fita a yau. Ƙa'idar Birtaniya ita ce, yaron da ƙirjinsa ya yi fito cikin awa 72 da suka wuce ba a fesa masa, allura ake yi masa. Haka idan hancin ya toshe da majina sosai, feshin ba zai isa inda ake so ba, sai a jinkirta ko a koma allura.

Yanzu mu sauya labarin kaɗan. A ce ranar da ta ci ƙwan nan numfashinta ya sarƙe, muryarta ta dishe, ta yi laushi, har aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman. Ko ita ba a hana ta rigakafi ba. Abin da likitocin Birtaniya suka ce shi ne a yi mata a asibiti, inda akwai allurar gaggawa ta adirenalin a kusa da wanda ya san lokacin yin ta, ko a nemo mata wanda ba a rena shi a ƙwai ba, don akwai irinsa na allura. Ni a ganina, a nan gida wannan ya fi kwanciyar hankali. Rigakafin mura ba ya cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta, galibi sayen sa ake yi, kuma na allura aka fi samu. Kada a saya a kemis a kira wani ya tsira wa yarinya a falo. Rikicewar jiki mai tsanani bayan rigakafi kusan sau ɗaya ne cikin miliyan, amma idan za ta zo galibi cikin mintuna take zuwa, saboda haka a zauna a wurin kamar kwata na awa kafin a tafi.

Akwai waɗanda feshin bai dace da su ba ko da suna cin ƙwai kullum. Yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya shaƙe masa ƙirji. Mai juna biyu. Wanda garkuwar jikinsa ta faɗi, kamar mai shan maganin daji ko wanda ƙanjamau ta raunana. Sai yaron da likita ya ɗora kan asfirin kullum, don haɗuwar asfirin da ƙwayar mura na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi shafar mu a arewa shi ne mai sikila: ciwon yana lalata saifa tun yana ƙarami, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta sa shi cikin masu karɓar allura. Duk waɗannan allura ce tasu, kuma su ne mura ta fi wahalarwa.

Ga 'yan uwa da ke da yara a makarantun Ingila, inda ake aiko takardar neman izini: feshin yana ɗauke da jelatin da aka samo daga alade, wanda ake sawa don kada maganin ya lalace. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya neman a yi wa yaronsa na allura.

Wanda za a dakata masa da gaske shi ne wanda rigakafin murar kansa ya taɓa rikita shi har numfashi ya sarƙe. Wannan sai likita ya bincika kafin a sake. Kuma kada a ɗauki hukuncin mura a ɗora wa allurar shawara, wadda ake yi wa jarirai a wata tara kuma ake tambayar katinta wurin tafiya ƙasashen waje. Ita ma a ƙwai ake yin ta, amma ƙa'idarta ta fi tsauri. Idan ƙwai ya taɓa shaƙe yaro, a gaya wa ma'aikaciya kafin ta buɗe kwalbar.