Tsohon babur da saƙo biyu

Hadiza: Masu saurare, barkanmu da war haka daga Damagaram. Yaya Laminu, ka ce wani ƙaninka ya nuna maka saƙo biyu da ya tura wa yarinyar da yake nema a WhatsApp.

Laminu: Ƙwarai, kuma ya yarda in karanta. Na farko: "Jiya babur ɗina ya mutu sau 2 tsakanin Zango da Birni, da turi na ƙaraso ƙofar gidanku. Ni na kawo shi zance, ba shi ya kawo ni ba. Ranar Alhamis bayan la'asar zan dawo, in kina nan."

Hadiza: Wannan ya yi daɗi wallahi. Me ta ce?

Laminu: Ta yi dariya, ta ce ya taho da igiya ya ɗaure shi kada ya gudu. Bayan mako guda sai ya tura na biyu: "Na san mai tsohon babur irina ba ajinki ba ne, hhh."

Hadiza: Ai nan ya ɓata. Babur ɗin dai shi ne, amma a na farko babur aka yi wa dariya, shi kuwa yana tsaye da ƙafarsa har yana sa rana. A na biyu darajarsa ya ajiye gabanta yana jira ta ɗaga. Mu mata muna jin wannan nauyin, yaya. Dole ka bar abin da kake yi ka koma lallashi.

Laminu: Abin da ta rubuto ke nan: "Haba, daina faɗin haka." Na ce masa wannan amsar ita ce alama. In ta ɗora wasa kan wasanka, ta ga mutum mai natsuwa. In ta koma ba ka haƙuri, roƙo ta ji.

Hadiza: Kuma rubutu ba ya ɗauke da murya. A zaure tana ganin murmushinka, a waya kuwa haruffa kaɗai gare ta, "hhh" ba ya gyara magana mai ɗaci.

Laminu: To ina iyakar abin, ƙanwata?

Hadiza: Ka taɓa ƙaramin abin da ta gani da idonta, wanda bai dame ka ba: shayin da ka cika wa sukari, ɓatan hanya a lungunan Birni. Asali, rashin aiki, kuɗin sadaki, waɗannan a bar su. Ƙawarta za ta iya karanta saƙon, gobe ya kai kunnen gwaggo, ita kuma ba za ta ɗauke shi wasa ba.

Laminu: Shi ma na ce ya bar zancen babur haka nan, sau ɗaya ya isa. Jiya ya tambaye ta yadda jarrabawarta ta kasance, suka yi hira har aka kira isha'i.